Ragowar shinkafa a zafin Jidda

"Kabsa ta kwana a tukunya a kicin, in na dumama ta sosai zan iya ci?"

Ɗan'uwa wallahi zubar da ita kawai. Ƙwayar cutar shinkafa, Bacillus cereus, dafuwa ba ta kashe irinta, shinkafar na hucewa a waje sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar nan kuma ko ka dumama har ta ƙone tana nan, ba wari ba yauƙi, sai amai cikin awa 1 zuwa 5. Nan gaba kar ka jira, baza ta a faranti mai faɗi ta sha iska ka sa firij cikin awa ɗaya, ka cinye washegari, dumame sau ɗaya tak sai tsakiyar na tururi. Miya kuwa juye ta a ƙananan robobi, tana kai kwana 3 a firij.