Amsa kan jera matakan wasan tura akwati

«Yaya, na haɗa wasan tura akwati mai mataki goma. Yaran unguwarmu nan Tawa suna wuce ukun farko, a na huɗu kowa ya aje waya. Mi ya ɓaci?»

To ƙanena, na duba hotunan da ka turo. Irin Sokoban ne, wasan Japan na 1982: turawa kawai, babu ja, kuma akwati guda ake turawa a lokaci guda. Ukun farkon naka lafiya lau. Na ɗaya turi, na biyu akwatin da ya shiga kusurwa ya mutu, na uku zagayowa bayan akwati don a canza mishi hanya.

Na huɗun ne ka zuba abu biyu kana zaton ɗaya ne. Ka yi lungu mai gurbi huɗu, faɗin akwati guda, da alamomin inda za a kai akwati, ɗaya a gurbi na biyu, ɗaya a ƙurya. Nufinka yaro ya gane cewa ƙurya ake fara cikawa. To amma duba abin da zai yi: ya aje akwatin farko kan alamar kusa, ya turo na biyu bayanshi, yana sa ran su tafi tare. Ba su motsa ba, kuma ba ya iya jawowa. Wa ya taɓa nuna mishi akwati biyu ba su turuwa tare? Babu. Shi ya sa zai ce wasan ne ya lalace.

Raba shi biyu. Sabon na huɗu: ɗaki buɗaɗɗe, gurbi biyar kan biyar, akwati biyu manne da juna a tsakiya, ɗan wasa a bayansu kan layi guda. Ya tura, shiru. Ya zagaya ya raba su ta gefe, bai yi asarar komi ba. Sannan lungun naka ya zama na biyar, tunda yanzu sabon abu guda ya rage, wato wanne ake fara kaiwa.

Kowane mataki kuma, rubuta darasinshi a jimla guda. In ka ji bakinka ya ce «kuma», biyu ne. Sannan ka buga shi kamar wanda bai san darasin ba. In ka wuce haka nan, akwai ɓarauniyar hanya, toshe ta da bango.

Wajen gwaji, miƙa ma wanda bai taɓa bugawa ba, ka yi gum, ko «a'a» kar ka ce. In ya sake farawa da wata dabara, yana tunani, ƙyale shi. In yana danne-danne barkatai, bai ga inda ya kuskure ba, sai ka rage ɗakin har kuskure ya fito fili cikin taku uku ko huɗu. Af, sa maɓallin koma-baya taku ɗaya, ban gan shi cikin hotunan ba.