Not ɗina ya zama kwamacala, ta yaya zan zana taswirar tunani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina da jarabawar tarihi kan Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, not ɗina kuma ya kai shafi 14, wani na kwafa a aji, wani a littafin ƙawata, wani a bayan handawut. Na gwada zana taswirar tunani, wato zanen da ake sa batu a tsakiya rassa su fito daga jikinsa, har sau biyu, duk sai ta cakuɗe. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ina zargin kin fara zanen ne daga shafi na ɗaya kina bin not ɗin yadda ya zo, shi ya sa ta cakuɗe, don hargitsin da ke cikin littafin kika kwashe kika mayar kan takarda. Zane shi ne aiki na ƙarshe. Kafin shi akwai tsinta, kamar dai yadda ake tsince shinkafa kafin a ɗora tukunya.

Ki karanta shafukan nan sau ɗaya da fensir a hannu, duk inda kika ga batu guda ki fitar da shi a ƴar guntuwar takarda da kalma ɗaya zuwa uku. Misali "Ɗegel", "Yunfa", "jangali", "Gudu 1804", "Tabkin Kwatto", "Alƙalawa 1808", "Abdullahi", "Bello". Zaki ga abu ɗaya kin rubuta shi sau uku a wurare daban daban, ki ɗauki ɗaya ki bar sauran, wallahi nan kaɗai not ɗin zai rage sosai.

To sai ki baza guntayen a tabarma ki riƙa tambayar kowanne: kai wace tambaya kake amsawa? Jangali da dokar Sarkin Gobir Nafata ta hana sa rawani da lulluɓi suna amsa "me ya jawo?", su tafi tuli ɗaya. Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, Alƙalawa suna amsa "ina aka gwabza?". Yunfa magajin Nafata, Abdullahi ƙanin Shehu, Bello ɗan Shehu su ne "su waye?". Raba daula tsakanin Sakkwato da Gwandu kuma "me ya biyo baya?". Waɗannan tulin su ne rassanki, ki bar su su fito da kansu, kar ki ƙirƙiro sunan reshe tukuna sannan ki zo kina cusa masa kaya. Huɗu zuwa shida ya isa. In kika ga sun kai goma to wasu ƴaƴan wasu ne, ki haɗe su.

Yanzu ki samu fallen takarda mara layi ki kwantar da ita a kaikaice, ki rubuta "Jihadin 1804" a tsakiya ki zagaye. Manyan rassa da layi mai kauri, kowanne da kalar bironsa in kina da su, ƙananan su fito daga jikinsu. Reshen da ya fi kaya ki ba shi gefe guda shi kaɗai tun farko, in ba haka ba zaki ƙare kina rubutu ƙanana a lungu. Tony Buzan, ɗan Birtaniyan da ya yaɗa wannan salo wajajen 1974, ya dage kan kalma ɗaya a kowane layi, ni dai a tarihi bana bin wannan sosai, "Kwatto, 1804, nasara" ya fi min amfani da "Kwatto" tsurarta.

Inda ɗalibaina suka fi maƙalewa shi ne abu mai gida biyu. Ɗauki Yunfa. Yana cikin mutane, amma kuma rikicinsa da jama'ar Shehu shi ya kai ga hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, kenan yana cikin dalilai ma. Kar ki rubuta shi sau biyu, ki ajiye shi a mutane ki ja kibiya mai ɗigo ɗigo zuwa dalilai, ki rubuta "hijira" a kan kibiyar. Irin kibiyoyin nan su zasu taimake ki in aka ce ki tattauna. Amma in sun wuce biyar shida, rabon ne bai yi ba, ki koma tabarma.

Guntayen da suka rasa gida ki jera su a kusurwar takarda, wasu sai daga baya zaki gane mazauninsu.

Abu ɗaya da taswirar bata iya ba shi ne jerin lokaci, zagaye take yi bata nuna me ya riga me. Don haka ki ja layi miƙaƙƙe a ƙasan takardar: 1804 hijira da Kwatto, 1805 Alwasa, 1808 Alƙalawa, 1817 rasuwar Shehu.

Ta farkon zata yi muni, normal ne. Washegari ki kife ta ki sake zanawa da ka, sannan ki kwatanta su. Reshen da ya fito a tsaitsaye, shafukansa zaki koma ki sake karantawa, ba duka 14 ɗin ba.