Wace manufa zan zaɓa a tallata ta farko: Awareness, Traffic ko Sales?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na buɗe shagon atamfa da leshi a Zoo Road, Kano, wata biyu ke nan. Ba ni da shafin yanar gizo, sai Instagram da WhatsApp. Na ware naira 60,000 don tallar farko a Facebook da Instagram, amma da na shiga Ads Manager sai aka ce in zaɓi manufa. Wata ta ce Awareness tunda ba a san ni ba, wani ya ce Traffic ya fi araha, ni kuma ciniki nake nema. Wanne ya dace?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a shagon, ya kawo kasuwa.

Shawarata ita ce kada ki zaɓi Awareness ko Traffic a wannan karon, ki yi tallar da za ta kawo miki mutane kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Zan faɗi dalili, domin na taɓa yin asarar kuɗi a daidai wannan gaɓar lokacin da na fara tallar mayafai da abaya a shagona na Kaduna, kuma ba na so ki bi ta inda na bi.

Manufar da kika zaɓa umarni ce kike ba injin tallar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, game da irin mutanen da zai nemo miki. A cikin mazauna Kano da ke amfani da Facebook da Instagram, injin ya san waɗanda suka saba wucewa da kallo kawai, ya san masu yawan latsa duk abin da suka gani, ya kuma san waɗanda suka saba tura wa 'yan kasuwa saƙo. Idan kika ce Awareness, zai nemi inda nuna talla ya fi sauƙin kuɗi ya baza ta ga jama'a masu yawa. Idan kika ce Traffic, zai nemo masu latsawa. Abin da kika aike shi shi zai kawo, ba zai duba ko kin yi ciniki ba. Kuma da zarar kin wallafa kamfen, ba a canza masa manufa, sai dai ki buɗe wani sabo.

Ni Traffic na fara zaɓa, saboda an ce mini ya fi araha. Na zuba naira 20,000 cikin kwana biyar, na sa mahaɗin da ke kai mutum WhatsApp ɗina. Kullum da safe in buɗe in ga adadin latsawa yana hauhawa, har ya wuce 900, kowace latsawa ba ta kai naira ashirin da biyar ba, sai murna nake. Amma wayar shago tana nan kan kanta shiru, ina ɗagawa ina duba ko data ce ta ƙare. Mutum goma sha ɗaya ne kacal suka yi mini magana, kuma mayafi ɗaya na sayar. Daga baya na gane cewa yawancin waɗannan latsawar na masu son ganin hoto ne, da waɗanda yatsansu ya taɓa bisa kuskure, da waɗanda sabis ya yi musu nauyi suka koma kafin komai ya buɗe. Injin bai cuce ni ba, latsawa na saya, ita kuma ya ba ni.

Sai ki ce to ai Sales ce amsa, tunda ciniki kike nema. A nan ne ake buƙatar natsuwa, domin injin ba ya iya neman abin da ba ya gani. Sales a asalin yadda aka fi amfani da ita an gina ta ne don mai shafin yanar gizo da ake biyan kuɗi a cikinsa, wanda aka dasa masa Meta Pixel, wato 'yar ƙaramar manhajar da ke sanar da Meta duk lokacin da wani ya sa kaya a kwando ko ya biya. Ke kuwa cinikinki yana faruwa ne a hira: mace ta tambayi ko akwai mai ruwan goro, ki turo bidiyo, ku yi ciniki, ta tura kuɗi ta banki, ki ba ɗan sahu ko mai babur ya kai mata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Pixel zai gani. Abu na ƙarshe da injin ke iya ƙirgawa da kansa a hanyar cinikinki shi ne lokacin da mutum ya fara turo miki saƙo, saboda haka a kan wannan za ki ɗora shi.

Akwai kuma batun lissafi, wanda ko da kina da shafin sai kin duba shi. Kowane rukunin talla, wato Ad set da ke cikin kamfen, yana fara aiki ne a matakin koyo, za ki ga an rubuta Learning a gefensa, kuma Meta ta ce yana bukatar sakamako kusan 50 cikin kwana bakwai kafin ya daidaita. Idan bai samu ba, sai ki ga Learning limited, farashi ya riƙa hawa da sauka. Yanzu mu duba kuɗinki. Tun watan Janairun 2022 ake ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallar Facebook a Najeriya, don haka daga 60,000 abin da zai tafi tallar kansa kusan 55,800 ne. Idan kika raba shi kwana 14, kin samu kimanin naira 4,000 a rana, wato 28,000 a mako. Ki raba 28,000 gida 50, ya ba ki 560. Ma'ana, duk abin da kika sa injin ya nema, dole farashin guda ɗaya ya kasance ƙasa da naira 560 kafin ya koyi aikinsa. Da wuya sabon shago ya samu mai sayen leshi ɗaya a kan tallar naira 560. A ce kowane mai saye yana cin 3,500, to takwas za ki samu a mako, sun yi nisa da hamsin. Saƙo kuwa yana iya shiga wannan iyakar.

Ga yadda ake saita shi. Ki fara haɗa lambar WhatsApp Business ɗinki da shafin Facebook na shagon. A Ads Manager ki zaɓi Engagement, wadda ba ta cikin ukun da kika ambata amma tana cikin manufofi shida da ke jerin, sannan a wajen Conversion location ki zaɓi saƙonni, ki nuna WhatsApp kaɗai, ki bar burin tallar a kan samun hirarraki masu yawa. A ƙarƙashin Sales ma ana samun zaɓin saƙonni, kuma idan kin gan shi babu laifi ki bi ta can. Abin da ya fi sunan manufar muhimmanci shi ne sakamakon da ake ƙirga miki ya zama Messaging conversations started. Rukunin talla ɗaya ya isa. Kada ki yayyanka 4,000 zuwa gida uku, domin kowane gida zai nemi nasa hamsin ɗin. Ki taƙaita wuri ga Kano da kewayenta, inda za ki iya kai kaya a ranar.

Da na koma na yi haka da wata 20,000, na samu hira 64, kowace a kan naira ɗari uku da 'yan kai, kuma mutum tara suka saya. Ke nan kowane mai saye ya ci mini kusan 2,200, ribata a kan abaya ɗaya a lokacin kuwa tana kai 4,000. Wannan lissafin ne kaɗai ke nuna ko talla ta biya, kuma ba za ki same shi a allon Ads Manager ba, sai a littafinki. Farashin da za ki samu ba lallai ya yi daidai da nawa ba, domin yana tashi idan 'yan kasuwa suka yi yawa a gasar, musamman gab da Sallah.

Wannan hanyar tana da nata wahalar, ba zan ɓoye miki ba. Injin zai kawo masu son tura saƙo, kuma da yawansu 'yan "nawa ne?" ne, su ji kuɗi su ɓace. Wasu ma saƙon da aka tanada ne kawai za su latsa ya shigo, ki amsa ba su sake cewa uffan ba. Abin da ya rage mini wannan shi ne rubuta farashi ɓaro-ɓaro a jikin hoton tallar, da unguwar da shagon yake. Saƙonni sun ragu, kowanne ya ɗan ƙara tsada, amma wadda ta yi magana ta riga ta ga kuɗin kuma ta amince da shi. Sannan dole a samu mai riƙe da wayar. Na lura saƙonni sun fi shigo mini bayan sallar Isha'i, lokacin da mata suka gama aikin gida, kuma wadda aka bari har gari ya waye yawanci ta riga ta saya a wani wurin. Idan kin san ba za ki iya amsa hira goma ko sha biyar a rana da bidiyo da haƙuri ba, gara ki rage kuɗin rana. Ki riƙa liƙa wa kowace hira lakabi a WhatsApp Business, wadda ta tambaya, wadda ta biya, don kada ƙirga ta ɓace miki.

Wadda ta ba ki shawarar Awareness ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, tunda shagonki na zahiri ne a bakin titi mai jama'a. Tana da amfani idan akwai wani abu mai rana da kike son 'yan unguwa su sani, kamar saukar sabon kaya ko rangwame, sai ki zana da'ira ta kilomita biyu ko uku a kewayen shagon ki nuna musu bidiyon ƙofarsa. Matsalarta ga mai 60,000 ita ce ba za ki iya tantance abin da ta kawo ba sai kin tambayi duk wadda ta shigo a ina ta ji labarinki. Ga shi kuma tallar saƙo ma dubban mutane ne za su gan ta ba tare da sun yi magana ba, ke nan sanin da kike nema yana zuwa a cikinta. Traffic kuwa ki ajiye ta sai ranar da kika yi shafin yanar gizo, a lokacin ma ki zaɓi Landing page views maimakon Link clicks, domin shi yana ƙirga waɗanda shafin ya buɗe musu ne da gaske.

Idan tallar ta fara tafiya, ki bar ta kwana bakwai ba ki taɓa hoto, rubutu ko jama'ar da kika zaɓa ba, domin babban gyara yana mayar da ita matakin koyo daga farko. Ranar ta takwas ki zauna da littafinki ki raba kuɗin da aka ci da adadin waɗanda suka biya. Idan abin da ya fito bai kai ribarki a kan turmi ɗaya ba, ki bar ta ta ƙarasa mako na biyu. Idan saƙonni suna shigowa amma babu mai saye, ki koma ki karanta hirarrakin ki ga a ina suke tsayawa, a farashi ne ko a kuɗin kai kaya, domin a nan gyaran yake. Idan kuma saƙon kansa ya haura naira 560 alhali tallar tana kai wa ga jama'a, to hoton ne bai ja hankali ba, sai ki canza shi da gajeren bidiyo da kika warware atamfar a hasken rana, ki ci gaba da sauran kuɗin a kan manufar da kike kai.