A ina zan yanke kowane kashi?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in rubuta yadda na fara kiwon kajin broila da 'yan tsaki 100, amma ya yi tsawo, dole in raba shi kashi biyar. Tsorona kada a karanta na farko a watse. Yaya zan tsara shi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki rubuta komai, ɗauki takarda ki rubuta jimlar ƙarshe ta kowane kashi, duka biyar ɗin. Na daɗe ina rubutu kashi-kashi kafin in gane wannan. Da can sai in yi ta zuba har in gaji, inda na gaji nan nake yankewa, in sa "mu haɗu a kashi na gaba". Wanda ya karanta bai tafi da wata tambaya a ransa ba, to me zai dawo nema?

Yadda nake yi yanzu kamar bashi ne. Kowane kashi zai biya bashin da na baya ya ci, ya biya tsaf, sannan ya ci sabo guda ɗaya. Kuma sabuwar tambayar daga cikin amsar da kika bayar za ta fito.

Mu ɗauki naki. Kashin farko na lissafi ne: kuɗin 'yan tsaki, buhunan abinci, magani, gawayi, da ribar da kika sa rai. Ki ba da shi cikakke, yadda ko mutum bai dawo ba ya ƙaru. Sai ki rufe da abin da ya faru da gaske. A ce misali: "Lissafin nan na kaji 100 ne. Ranar Laraba aka kawo su, kafin Asabar na kwashe gawa 11, alhali abinci da ruwa na gabansu." Nan ki ajiye alƙalami. Kin faɗi abin da ya faru, kin hana dalili, kin kuma toshe amsar da kowa zai fara kawowa, wato yunwa. Duk mai niyyar kiwo zai kwana yana tunanin me ya kashe su.

Kashi na biyu, a sakin layi na farko za ki biya: sanyin dare ne, kaskon gawayi ya mutu, suka cunkushe wuri ɗaya suka danne juna. Kada ki ja rai a nan. Na sha ganin marubuci ya kai amsar can ƙarshen kashin, ko ya tura ta na uku, masu karatu su ji an raina musu hankali. Bayan kin biya sai ki zauna ki koyar: zafin da ɗan tsako yake so a makon farko, wajen digiri 32 zuwa 35, da yadda ake ganewa da ido, in sun taru a gindin wuta sanyi suke ji, in sun guje ta suna haki zafi ya yi yawa.

Ƙarshen na biyu kuma ki sauya salo, don in kullum da mutuwa kike rufewa za a gane dabarar a daina tsorata. Wannan karon ki tsaya a kan shawara: ranar rigakafin cutar Gumboro ta zo, wata tsohuwar mai kiwo ta ce ɓarnar kuɗi ce, ke kuma abin hannunki na buhun abinci ɗaya ne. Wanne kika zaɓa? Na uku ya amsa. Shi kuma ya ƙare da lamba: kin auna kaza a mako na huɗu, nauyinta bai kai yadda kika zata ba. Na huɗu ya tsaya a ranar da mai saye ya taya ƙasa da abin da kika kashe. Babbar tambayar da kika buɗe tun farko, riba ko asara, ita kaɗai za ki riƙe har na biyar, kuma a can ki kawo lissafin farko ki ajiye shi kusa da na gaskiya.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ƙirƙiro tashin hankalin da bai faru ba. In tsaki uku ne suka mutu, ki ce uku. Masu kiwo za su karanta, kuma suna gane ƙari.

Ki gama aƙalla kashi uku kafin ki saki na farko, ki tsayar da rana, misali kowace Juma'a bayan la'asar, ki faɗe ta a ƙasan kowane kashi. Na taɓa sakin kashi biyu, rashin lafiya ta kwantar da ni mako uku, da na dawo yawancin mutane sun manta inda aka tsaya. Ki riƙa buɗe kowane kashi da layi biyu na tuni saboda wanda ya shigo a tsakiya.

Za ki gane ƙarshen ya kama daga saƙonnin da za su zo miki. In "Allah ya ƙara basira" kawai ake turowa, an ji daɗi amma ba a ɗaure ba, sai ki sake duba jimlar rufewa ta kashi na gaba. In kuwa aka fara gardama, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce daga wurin ƙyanƙyasa aka kawo su da ciwo, to ki saki na biyu a ranar da kika yi alkawari.