Kwana 183 ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba

Tambaya: "Kasuwancina na yawo ne tsakanin ƙasashe, har da Amurka da Birtaniya. An ce mini muddin ban cika kwana 183 a ƙasa ɗaya ba, babu wadda za ta nemi haraji a wurina. Gaskiya ne?"

Amsa: Alhaji, wanda ya faɗa maka haka ya ba ka rabin magana, kuma ragowar rabin ita ce mai cin kuɗi. Galibin ƙasashe, idan dokarsu ta ɗauke ka mazauni, suna karɓar haraji a kan duk abin da ka samu a ko'ina a duniya, alhali baƙo yana biya ne kawai a kan abin da ya samu a cikin ƙasar. Matsalar ita ce kowace ƙasa da nata ma'aunin zama.

Mu ɗauki Amurka, domin nan ne 'yan kasuwa suka fi faɗawa ba su sani ba. Idan ka yi aƙalla kwana 31 a can a bana, sai a haɗa lissafin shekara uku: duk kwanakin bana, da sulusin na bara, da kashi ɗaya cikin shida na shekarar da ta gabace ta. A ce ka yi kwana 130 a bana, 120 a bara, 90 a bara waccan. Za a tara 130 da 40 da 15, a sami 185, kuma tunda jimillar ta kai 183, ka zama mazauni ke nan duk da cewa ba ka taɓa yin wata biyar a shekara ɗaya ba. Ranar saukarka da ranar tashinka duka ana ƙirga su. Akwai mafita ga wanda bai kai kwana 183 a bana ba, idan ya nuna cewa cibiyar sana'arsa da rayuwarsa suna wata ƙasa, amma sai ya cike takarda mai lamba 8840 a kan lokaci.

Birtaniya kuwa, tun 2013, tana auna kwanaki tare da alaƙa, wato iyali, wurin kwana, aiki da yawan zuwa a baya, kuma shekarar harajinta tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu. Wanda ya kasance mazauninta a ɗaya daga cikin shekaru uku da suka wuce, idan yana da alaƙa biyu, kwana 91 ya isa ya mai da shi mazauni.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasa biyu suna iya ɗaukar ka mazauni a shekara guda. Idan akwai yarjejeniyar haraji a tsakaninsu, ana fara duba inda kake da gida na dindindin, sannan inda iyalinka da dukiyarka suka fi ƙarfi, sannan inda ka saba zama, kafin a zo kan shaidar zama ɗan ƙasa. Idan babu yarjejeniya, sai abin da dokar kowaccensu ta yarda ta rage maka.

Saboda haka ka ɗauko fasfo da tikitocin jirginka na shekara uku, ka rubuta ranar shiga da ranar fita ta kowace ƙasa, ka kai wa masanin harajin ƙasar kafin ka yanki tikitin tafiya ta gaba.