Littafin ciniki da kuɗin momo sun ƙi haɗuwa

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon kayan masarufi a Asawase. Kullum idan za mu tashi, abin da momo ke nuna min ba ya daidai da abin da ke littafin ciniki. Yau ya ragu da sidi 80, gobe ya ƙaru da 150. Na fara zargin yarinyar da ke taya ni. Don Allah yaya kuke haɗa naku?"

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Wallahi da na kai inda kika ce kin fara zargin yarinyar, sai da gabana ya faɗi. Don girman Allah kada ki ce mata komai tukuna. Ni na faɗa, kuma har yau ban gama biyan kuɗin wannan maganar ba.

Shagona yana Aboabo a Kumasi, shinkafa da mai da suga da tumatirin gwangwani nake sayarwa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wanda yake taya ni a lokacin ɗan yayata ne, Allah ya jiƙanta, a hannuna ya tashi tun yana aji uku. Wajen wata biyu kuɗi suna ɓacewa, ba kullum ba, sau ɗaya ko biyu a mako. Ni kuma abin da nake yi shi ne abin da nake jin kina yi: in tara jimillar littafi, in duba jimillar waya, in ga sun bambanta, in kwana ina juyi. Wani daren Alhamis bayan isha'i na rufe ƙofar shago da shi a ciki, na ce ya juye aljihunsa a kan buhun shinkafa. Ya juye. Sidi bakwai ne da makullin ɗaki da carbi. Bai ce uffan ba, ya tsaya yana kallon ƙasa, hawaye na sauka a kan silifas ɗinsa. Ni kuma ban tsaya nan ba, na ce masa ai ɓarawon yanzu ba ya sa kuɗi a aljihu, a waya yake ɓoyewa. Na karɓi wayarsa na bincika a gabansa. Maraya, ɗan da uwarsa ta damƙa min a gadon asibiti. Ina rubuta wannan hannuna na rawa.

Maƙwabciyata mai shagon robobi, wata dattijuwa 'yar Asante, ita ta ji kukana washegari ta ce in kawo littafin. Ta buɗe, ta duba shafi ɗaya, ta ce wannan littafin ba zai taɓa gaya min gaskiya ba, domin na rubuta abin da aka saya da kuɗinsa, amma ban rubuta yadda aka biya ba. Ta ɗauki biro ta ja min layi uku a gefen kowane shafi: kuɗin hannu, momo, bashi. Ta ƙara ɗan fili don lokaci, da wani don lambobi huɗu na ƙarshe na lambar da ke zuwa a saƙo, wadda ake rubuta wa Transaction ID. Ta ce a cike wannan mai saye yana tsaye, daga saƙon da ya shigo wayar shago, ba daga wayarsa ba.

Bari in ba ki lissafin ranar da abin ya fito fili, don shafin yana nan ban yage shi ba. Cinikin ranar gaba ɗaya sidi 6,840 ne. A ciki 3,150 kuɗin hannu, 700 bashi, 2,990 momo. Na fara da akwati, tunda shi ya fi sauƙi: canjin da na buɗe da shi da safe 200 ne, na ba mai aboboya 60 daga ciki, don haka 3,290 ya kamata in samu, kuma shi na ƙirga. Sai na buɗe tarihin momo na ranar. Kuɗin da suka shigo 3,110 ne, wato sun fi na littafi da 120. Da a da ne da na ce alhamdulillahi yau an samu ƙari, in kashe fitila in tafi gida.

Amma na zauna na yi yadda ta koya min. 'Yata tana karanto waya ɗaya bayan ɗaya, kuɗi da lokaci da lambobi huɗun nan, ni ina neman abokinsa a littafi, in na samu in sa masa alama. Biya goma sha tara ne a layin momo na littafi. Goma sha takwas suka samu abokansu. Aka bar biyu a tsaye, ɗaya a waya ɗaya a littafi. Na waya sidi 500 ne, wata mai sayar da wake da shinkafa ce ta turo bashinta na makon jiya daga gida, ba cinikin ranar ba ne sam. Na littafi kuwa 380 ne, ƙarfe shida saura, kuma babu shi a waya ko kaɗan. Ki cire 380 daga 2,990, ki ƙara 500, 3,110 za ki samu. Kin ga yadda bashin da aka biya ya lulluɓe asarar har ya nuna min riba. To haka aka yi ta yi min wata biyu. Ranar da wani ya biya tsohon bashi sai in ga ƙari, ranar da babu sai in ga ragi in kalli yaro.

Mai 380 ɗin nan na san shi, shi ne abin da ya fi ci min rai. Mutum ne mai tsabta, kullum da farar jallabiya da ƙamshin turare, Mma yake ce min, yana tambayar ciwon gwiwata. Farkon zuwansa sau uku ko huɗu da gaske ya biya, har na saba da ganin sunansa. Daga baya sai ya riƙa zuwa gab da magariba, lokacin da shago ya cika, mata na sauri su koma girki, ladan na shirin kira. Sai ya ɗaga wayarsa daga nesa ya ce "Mma, ya tafi, netwok ne yau, zai shigo." Saƙo ne a fuskar wayar, da sunan shagona da kuɗin, tsohon saƙo ne yake gyarawa. Yaron ya rubuta ya ɗora masa kaya, har ya raka shi bakin titi da jarkar mai a ka. A wannan ranar yaron ya kwafi lambobin daga wayar mutumin saboda cunkoso, kuma da na koma baya a tarihi sai na tarar lambobin na wani biya ne da ya yi makonni da suka wuce. Mutumin nan ya ci abincin suna a gidana. Ya san yaron maraya ne, kuma na tabbata ya ji labarin abin da na yi masa, don a unguwa magana ba ta kwana, amma ya sake dawowa da wayarsa a ɗage. Da na ce masa ya tsaya saƙo ya shigo tawa, sai ya ce bari ya yi sallah ya dawo. Ban sake ganinsa ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, ba zan ɓoye miki ba.

Ba na ce ke ma haka ake miki ba. Naki da yake hawa yana sauka, ya fi kama da abubuwan da ba sata ba ne, kuma akwai hanyar gane su. Idan akwati ya ƙaru da wani adadi, momo kuma ya ragu da daidai wannan adadin, to wani ne ya raba biya: ya sayi kayan 620, ya tura 400, ya ba da 220 a hannu, aka rubuta duka a layin momo. Idan kuma akasin haka ne, akwati ya ragu waya ta ƙaru, to wani ne ya turo miki ya karɓi tsaba, irin taimakon da muke yi wa maƙwabta idan mai rumfar momo ya tashi. Wannan ba ciniki ba ne, ki ba shi wurinsa a ƙasan shafi. Tun lokacin harajin i-lebi na tura kuɗi ta waya, daga watan Mayu na 2022 har aka soke shi a 2025, mutane suka saba da rarraba biya, an cire harajin amma ɗabi'ar tana nan.

Sannan ki lura da lokaci. Ke ranarki tana ƙarewa sa'ad da kika sa kwaɗo, waya kuwa sai sha biyun dare take canza kwanan wata. Wanda ya turo ƙarfe goma na dare don kayan da zai ɗauka da safe, kuɗinsa suna ranar jiya a waya, cinikinsa yana shafin yau. Ni ƙarfe takwas nake ja layi, in rubuta lambar biyan ƙarshe a ƙasan shafi, gobe daga bayanta nake farawa.

Kada kuma ki gwada littafi da abin da ya rage a asusu. Ragowar ta haɗa da na jiya, kuma an cire abin da kika tura wa mai kawo miki kaya daga Adum da ladan cirewa. Kuɗin da suka shigo kawai za ki gwada da layin momo. Ragowar lissafinta daban: ta safe, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita da caji, ya kamata ya ba ki ta dare. Ɗan taƙaitaccen bayanin da ake gani ta *170# na ƙarshe-ƙarshe kaɗan yake nunawa, ba zai ishe ki rana guda ba, ki buɗe manhajar ki ga duka. In kina karɓa ta layi biyu, ga MTN ga Telecel, kowanne ki ba shi layinsa a littafi. Kuma ki raba lambar shago da taki ta gida. Ni da a lamba ɗaya nake karɓar ciniki da adashi da abin da ƙanena ke turowa daga Akra, wa zai iya warware wannan da dare ido na ciwo?

Wani abu kuma, ki hana rubuta tsohon lissafi a littafi. Tun 2007 aka canza kuɗi amma har yau tsofaffinmu miliyan ɗaya suke ce wa sidi 100. A baki ba laifi, a littafi kuwa sidi na yanzu kawai, don na taɓa ɓata dare guda a kan "biyu da rabi" da ban san ko na wane zamani ba ne.

Yaron yana Suame Magazin yanzu, yana koyon gyaran mota. Na je har wurin aikinsa na roƙe shi gafara a gaban maigidansa, ya ce ba komai Mma, ya wuce. Yana zuwa gaishe ni ranar Juma'a, yana kawo min lemo, amma a bakin ƙofar shago yake tsayawa, bai sake taka bayan kanta ba.

Ki ja layukan nan gobe da safe kafin mai saye na farko ya zo. Da dare ki zaunar da yarinyar kusa da ke, ita ta riƙe waya tana karantowa, ke kina sa alama, don ta ga aikin na ku biyu ne. Duk wanda ya rage ba aboki, ki kewaye shi da jan biro, ki rubuta sunan mai shi tun kuna iya tuna fuskarsa. Ki yi haka dare uku, sannan ki dawo ki faɗa mana waɗanne ne suka rage, mu duba tare.