In na sake aure, zan rasa gida da 'ya'yana?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, ya bar ni da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku. Babban shekararsa 24, autar 8. Ni kaɗai ce matarsa, iyayensa sun riga shi rasuwa, kuma har yau ba a raba gado ba. Yanzu wani mutumin kirki ya fito yana sona da aure. Ƙanin marigayi ya ce muddin na yi aure ba ni da ko bulo ɗaya a gidan, yaran ma zai kwashe su. Babban ɗana ya daina cin abincina, maƙwabta kuma sai cewa suke na kasa haƙuri. Na rasa barci. Daga wata baiwar Allah a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Ki kwantar da hankalinki, aure ba ya cinye gado. Wannan maganar ta ƙanin miji kusan kullum sai na ji irinta a harabar kotu, kuma ta daɗe tana ci mini rai, domin ba ta da tushe ko kaɗan. Rabonki ya tabbata ne tun lokacin da ran maigida ya fita kina matarsa. Jinkirin rabo bai canza komai ba, abin da za ki yi da rayuwarki bayan takaba ma haka. Tun da kika cika wata huɗu da kwana goma kin sauke abin da Allah ya ɗora miki, aya ta 234 a Suratul Baƙara ta faɗa ƙarara cewa babu laifi a kan abin da kika yi wa kanki na alheri bayan nan. Ummu Salama da 'ya'yanta marayu Manzon Allah (SAW) ya aure ta. Asma'u 'yar Umais ta auri Ja'afar, bayansa Abubakar, bayansa Aliyu, babu sahabin da ya ce ta kasa haƙuri.

Bari mu yi lissafi da gidan. A ce an yi masa kuɗi naira miliyan 16, bayan an biya bashi da wasiyya in akwai. Tumuninki, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2 ne. Saura miliyan 14, a raba gida bakwai tunda namiji yana ɗaukar rabon mata biyu: kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. To ina rabon ƙanin marigayi? Babu. Matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji, 'yan'uwansa ba sa cin ko sisi. Wanda ba shi da bulo a gidan nan shi ne yake ce miki ba ki da bulo.

Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda wannan ƙarya take aiki. Ana ƙin raba gado da sunan "sai yara sun girma", takardun gida su koma hannun baffa, kuɗin haya ya riƙa shiga aljihunsa, uwar marayu kuma a ɗaure ta da tsoro. Na ga matar da ta kori manema shekara goma sha saboda wannan barazana, ranar da aka zo rabo aka tarar an jinginar da shagon da take tsaro tun tuni. Ba ta yi auren ba, dukiyar ma ba ta tsira ba. Kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, zama baffa kawai ba ya ba mutum ikon juya dukiyar maraya. Sai wanda uba ya yi wa wasici, in babu shi sai wanda alƙali ya naɗa. Ki tambaye shi a gaban dattawa, cikin ladabi: marigayi ne ya ba shi wasicin, ko kotu? In ya ce wasici, ya kawo shaidu.

Kada ki manta da abin da yake naki tun asali. Kayan ɗakinki ba gado ba ne. Ragowar sadaki in bai cika miki ba bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo. In kin zuba kuɗin adashinki a ginin da sunan rance, shi ma haka, amma sai da shaida.

Maganar yara ce take da ƙanshin gaskiya, sai dai ya murɗe ta. Haƙƙin reno na uwa yana iya faɗuwa idan ta tare da mijin da ba muharramin yaron ba. Amma in ya faɗi, hannun mahaifiyarki yake fara komawa, sannan dangin uwa mata irin 'yar'uwarki, baffa yana can baya a layi. Idan kuma mai haƙƙin karɓa ya san da auren ya yi shiru har shekara, ya rasa damar nema. Wannan duk ya shafi ƙananan ne. Mai shekara 24 ba a kwashe shi kamar buhu.

Shi babban naki, ban ɗauke shi maƙiyi ba. Saurayin da ya binne ubansa yana da shekara 21 tsoro biyu ne yawanci a ransa: wani ƙato ya shigo ɗakin mahaifinsa, da abin da abokai za su faɗa a majalisa. Na farkon kina iya kashe shi da magana ɗaya, kuma yana da gaskiya a kai, tunda kashi bakwai cikin takwas na gidan nasu ne. Muhalli wajibin sabon miji ne. Ki gaya wa mai neman ya tanadi wurin zama, ki gaya wa ɗanki haka da bakinki kafin ya ji a waje. In kunya ta hana ki, kamar yadda take hana mu da ɗan fari, ki sa kawunsa ko limamin da yake jin nauyi ya zauna da shi. A sanar da shi kuma cewa a Malikiyya ɗa baligi shi ne a sahun farko na waliyyan uwarsa, yana iya wakilta kawunsa ranar ɗaurin aure. Girma ne aka ba shi, amma ba ikon hanawa ba ne. Waliyyin da ya ƙi ba da mace ga tsaranta ba tare da dalili ba, alƙali yana umartarsa, in ya cije alƙali ya ɗaura.

Maƙwabta kuwa, wata biyu za su yi su koma kan wata.

Shawarata ita ce a raba gado kafin a sa rana. Ki rubuta duk abin da marigayi ya bari, ki yi hoton takardun gida, ki nemi mutum biyu da suka san dukiyarsa, ki shigar da buƙatar rabon gado a Babbar Kotun Shari'a da ke yankinku. Rabo ba ya nufin lallai a sayar da gida, ana iya yi masa kuɗi a rubuta wa kowa kasonsa ku ci gaba da zama. Ki roƙi alƙali ya naɗa mai kula da rabon ƙananan a rubuce. Kada kuma ki sa hannu ko dangwale a kan wata takardar "yafe rabo" da za a kawo miki gida, ko da an ce sharaɗin barinki ki yi aure ne.